Yadda Za Ka Zaɓi Fanni Ɗaya Daga Abin Da Ka Iya, Alhali Ba Ka Da Kwastoma Ko Mai Yi Maka Shaida

Aikin da ake kira firilansin a yau ba baƙo ba ne a wurinmu, domin jinga ce: a nuna maka aiki, ku daidaita a kan kuɗi, ka yi ka miƙa, a sallame ka. Abin da ya bambanta jingar kwamfuta da ta gona ko ta gini shi ne mai ba da aikin sau da yawa bai san ka ba, bai san gidanku ba, kuma babu wanda zai je ya tambaya a kanka. A shafukan jinga na intanet irin su Upwork da Fiverr, taurarin yabo da tsofaffin kwastomomi suka bar wa mutum su ne ke tsaya masa a matsayin shaida. Sabon shiga ba shi da ko ɗaya. Saboda haka, wanda zai fara daga babu ya kamata ya zaɓi fannin da aikin da kansa zai yi masa shaida, wato wanda mai saye zai duba da idonsa cikin 'yan mintuna ya gane ko an iya ko ba a iya ba. A kan wannan ma'auni zan gina duk abin da zai biyo baya, kuma zan bi shi ta hanyar abin da ya faru da ɗan yayata a Birnin Kebbi, wanda na zauna da shi muka yi wannan zaɓe tare.

Rubuta abin da ka taɓa yi, da wanda ka yi wa

Ɗauki takarda da biro, ka rubuta ayyukan da hannunka ya taɓa kammalawa, ko an biya ka ko ba a biya ba. Kada ka rubuta sunan kwas ɗin da ka karanta ko sunan manhaja kawai. Idan ka rubuta “na iya kwamfuta” ba ka ce komai ba, domin babu mai fitowa daga gida neman wanda ya iya kwamfuta. A kowane layi ka sa abu uku: aikin, wanda aka yi wa, da abin da ya samu a ƙarshe.

Lokacin da na ce wa ɗan yayata ya yi haka, da farko abu biyu ya kawo mini, wato zanen tambari da buga takardu. Ya gama difiloma a fannin akanta a Kwalejin Waziri Umaru, amma a ganinsa zane shi ne abin da ake nema a intanet, domin shi yake gani abokansa suna tallatawa. Sai da na riƙa tambayarsa shekara bayan shekara, me ya yi a hutu, me ya yi da kaka, sannan sauran suka fito. Ya yi kaka biyu yana riƙe wa wani mai sayen shinkafa samfarera littafi, yana rubuta buhu nawa aka auna, nawa aka biya, nawa ne kuɗin dako da la'adar dillali. Ya taɓa zagaya ƙauyukan Argungu da Augie yana cike tambayoyin wani bincike a waya ta manhajar KoboToolbox. Sannan sau biyu sakataren wata ƙungiyar manoma ta unguwarsu ya kawo masa jerin sunayen mambobi ya gyara masa a Excel, ya kwana a kai, aka ce masa Allah ya yi albarka.

Wannan na ƙarshe shi ne wanda ya fi rainawa, kuma yawanci haka abin yake. Aikin da ya zame maka jiki har ba ka ɗauke shi gwaninta ba, amma mutane suke ta kawo maka shi suna roƙo, shi ne ya fi cancanta ka ja masa layi. Idan mutum ya tako ƙafa har gidanku sau biyu saboda abu ɗaya, ya riga ya nuna maka cewa akwai buƙata, saura kawai a gano ko buƙatar tana da kuɗi a bayanta.

Tace jerin da tambayoyi huɗu

Tambaya ta farko ita ce: wane ne zai biya, kuma me zai rasa idan ba a yi aikin ba? Mai shagon da ke son tambari zai iya shekara ba tare da shi ba, cinikinsa ba zai ragu da kwabo ba. Amma sakataren ƙungiyar da aka ba wa'adin miƙa jerin mambobi zuwa ranar Juma'a, idan bai miƙa daidai ba mutanensa za su rasa taki ko iri ko rance, kuma shi za a zaga a majalisa. Mutumin da wa'adi ya matsa wa ba ya tsayawa neman taurari.

Tambaya ta biyu ita ce wadda na fi ba nauyi: shin mai saye zai iya auna aikin da kansa, nan take? Akwai ayyukan da sakamakonsu ba ya bayyana sai bayan watanni, kamar kula da shafin kasuwanci na wani ko shirya masa talla a Facebook. Wanda zai ba ka irin wannan dole ya yarda da kai tun kafin ya ga komai, kuma yarda ita ce abin da ba ka tara ba tukuna. Akwai kuma ayyukan da ra'ayi ke hukunta su, kamar zane, inda za ka yi mai kyau a ce launin bai yi ba, ka sake sau biyar a kan kuɗi ɗaya. Gyaran jerin sunaye ba haka yake ba. Lambar waya a Najeriya idan an rubuta ta da sifilin farko alƙaluma 11 ce, lambar BVN 11 ce, ta NIN 11 ce, lambar asusun banki kuwa 10 ce. Ko dai sun cika ko ba su cika ba. Sunan mutum ko dai ya fito sau biyu ko bai fito ba. Sakatare zai buɗe fayil ɗin, ya nemi sunan maƙwabcinsa da ya san lambarsa, ya ga daidai, maganar ta ƙare. Fassarar ɗan gajeren rubutu, gyaran sautin wa'azi ko lacca, da jera littafi a shirya shi don ɗab'i duk suna cikin wannan sahu, domin ana iya nuna yadda abu yake kafin a taɓa shi da yadda ya koma.

Ta uku: idan ka ɓata, asarar mai aikin nawa ce? Zai fi sauƙi baƙo ya ba ka aikin yini ɗaya wanda asalinsa yana nan a hannunsa, da ya damƙa maka ginin shafinsa na intanet gaba ɗaya.

Ta huɗu: aikin yana dawowa? Tambari sau ɗaya ake yi. Jerin ƙungiya kuwa a Kebbi ana taɓa shi da damina, a sake taɓa shi lokacin noman rani a fadama, kuma duk sanda wani sabon shiri ya zo da nasa fom sai an sake jera shi. Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, ƙungiyoyin manoman shinkafa suka saba da cewa babu abin da ke tafiya sai da suna, lambar waya, BVN da girman gona a jere.

Akwai kuma abin da ba tambaya ba ce, sharaɗi ne: kayan aikinka. Laftof ɗin ɗan yayata tsohuwa ce, batirinta bai kai awa biyu ba, kuma kowa ya san halin wuta. Gyaran bidiyo, ko da ya iya, zai cinye masa data da man janareta kafin ya ga riba. Fayil ɗin Excel kuwa ana aika shi ta WhatsApp ko da layin yana rawa, kuma ana aikinsa ba tare da intanet ba.

Da muka bi wannan tacewar, buga takardu ya fita domin kowane shagon kwamfuta a bakin makaranta yana yi a kan kuɗi kaɗan, zane ya fita, aka bar biyu: tsara wa 'yan kasuwar shinkafa lissafinsu a Excel, da gyara wa ƙungiyoyi jerin mambobi da na biyan bashi.

Leƙa kasuwa kafin ka kafa rumfa

Mataki na gaba shi ne ka tabbatar da idonka cewa ana biyan kuɗi a kan abin da ya rage a jerinka. A intanet hanya mafi sauƙi ita ce ka shiga wurin neman aiki na Upwork ka rubuta sunan aikin yadda masu ba da shi suke rubutawa, misali `Excel data cleaning` ko `KoboToolbox`, ka riƙa dubawa kullum har mako guda kana rubuta abin da ka gani. Abubuwan lura uku ne. Sababbin tallace-tallace nawa suka fito a makon, mutum nawa suka nemi kowanne, da kuma ko an tabbatar da hanyar biyan mai tallan. Shafin yana nuna yawan masu nema a ƙarƙashin `Proposals`. Inda ka ga `50+` a kusan kowane talla, sabon shiga zai nutse ba a gan shi ba. Inda ka ga `5 to 10` ko `Less than 5`, akwai yiwuwar a karanta abin da ka rubuta. Wannan lissafi yana da muhimmanci domin neman aiki a can ba kyauta ba ne, ana kashe abin da suke kira `Connects`, wanda ake sayen kowane ɗaya a kan santi 15 na dala, kuma talla ɗaya yana cin da yawa.

A Fiverr kuwa ka rubuta sunan aikin ka ga yawan masu sayar da shi. Zanen tambari zai fito maka da dubbai a kan dubbai, na sahun gaba kowanne da tarin taurari. Ka ƙara kalma ɗaya da ke taƙaita aikin ka ga yadda adadin ke zubewa. Amma a nan akwai tarko da ya kamata a faɗa: idan ka taƙaita har ka ga babu kowa, kada ka yi murna da wuri, domin rashin masu sayarwa sau da yawa alama ce ta rashin masu saye. Abin da kake nema shi ne wurin da masu sayarwa ba su da yawa, amma na gabansu suna da sababbin taurari na 'yan makonnin nan.

Duk da haka, ra'ayina shi ne wanda yake zaune a Kebbi ko Zamfara ba tare da shaida ko ɗaya ba ya fara auna kasuwar da ƙafarsa za ta iya kai shi. A nan ne ake da wanda ya san mahaifinka, kuma wannan ma tauraro ne. Na ce wa ɗan yayata ya je ya sami mutum biyar daga kowane ɓangare, kada ya tambaye su ko suna son aikinsa, domin kunya za ta sa kowa ya ce yana so. Ya tambaye su yadda suka yi da matsalar a karo na ƙarshe, wa ya yi musu, nawa suka kashe.

Abin da ya dawo da shi ya sauya mana tunani. Ni da shi duka mun fi zaton 'yan kasuwar shinkafa ne za su biya, tunda su ke da kuɗi. Ya je Jega ranar kasuwa, ya zauna da uku daga cikinsu, ya kuma sami biyu a gari. Wani dattijo a cikinsu ya saurare shi har ya gama, sannan ya zaro littafinsa mai baƙin bango daga aljihun gaban riga, an ɗaure shi da roba, ya ɗora hannu a kai ya ce masa: “Yaro, wanga littafi ko ɗiyana ba su buɗa shi.” Babu ɗaya daga cikin biyar ɗin da ya taɓa biyan wani a kan lissafi, kuma babu mai son baƙon ido a kan ribarsa. Sakatarorin ƙungiyoyi kuwa huɗu daga cikin biyar sun taɓa biyan shagon kwamfuta, kuma uku sun ce an dawo musu da jerin saboda kurakurai. Wanda ya taɓa biya kuma bai gamsu ba, shi ne kwastoma.

Faɗi fannin a jimla ɗaya

Yanzu sai ka ɗaure abin da ka gano a jimlar da mai saye zai ji ya gane kansa a ciki. Jimlar ta ƙunshi wanda kake yi wa, abin da kake yi, da lokacin da za ka miƙa. Ta ɗan yayata ta zama haka: “Ina gyara wa ƙungiyoyin manoma jerin mambobinsu a Excel, in cire maimaici, in nuna lambobin da ba su cika ba, in jera shi yadda fom ɗin da aka ba su yake so, cikin kwana biyu.” Hanyar gwada jimlar ita ce ka faɗa wa wanda ba ya harkar kwamfuta. Idan ya ce “ai kuwa wane yana neman irin wannan”, ta yi. Idan ya ce “Allah ya taimaka” kawai, ba ta kama kowa ba, sai a sake.

Mutane da yawa suna tsoron taƙaitawa, suna ganin kamar sun rufe wa kansu ƙofofi. Ba haka ba ne a aikace. Wanda ya san ka da abu ɗaya zai tambaye ka ko kana yin na biyu, amma wanda ka karanto wa abu goma ba zai tuna ko ɗaya ba idan buƙata ta taso.

Ƙera shaidarka da hannunka

Tunda babu mai yi maka shaida, sai ka yi samfuri. Ka ƙirƙiri aiki irin wanda kwastoma zai kawo, da irin ɓarnar da ke cikinsa, ka gyara, ka ajiye na farko da na biyu gefe da gefe. Ɗan yayata ya shirya jerin mutum 60 na ƙage, ya cusa masa kurakuran da ya saba gani. Babbansu shi ne Excel yana ɗaukar lambar waya a matsayin adadi, sai ya yar da sifilin farko, lambar ta koma alƙaluma 10. Na biyu shi ne mutum ɗaya ya shiga sau biyu, a wani layi Muhammadu, a wani Mamman, ko Abubakar a nan Garba a can. Ga abin da ya yi amfani da shi, idan lambar wayar tana ginshiƙin C:

```
=LEN(C2)
=TEXT(C2,"00000000000")
=COUNTIF(C:C,C2)>1
```

Na farko yana ƙirga alƙaluman, na biyu yana maido da sifilin da ya faɗi, na uku yana nuna lambar da ta fito fiye da sau ɗaya. A nan ne sanin gida ya shigo, kuma shi ne ya sa fannin ya zama nasa. Lamba ɗaya a layi uku ba lallai maimaici ba ne, domin a ƙauye magidanci da ƙaninsa da matarsa suna iya ba da waya ɗaya. Wanda bai san wannan ba zai goge mutum biyu ya jawo rigima. Shi kuwa ba ya goge kowa, yana shafa wa layukan launi ne ya tura su shafi na dabam da ya sa wa suna “A tambaya”, sakatare ya yanke hukunci. Haka nan `TEXT` ɗin nan mai maido da sifili ba ya gyara lambar da alƙalami ya ɓace daga tsakiyarta, zai dai manna mata sifili a gaba ta yi kama da daidai, shi ya sa dole a duba cewa kowace ta fara da 07, 08 ko 09.

Ina jaddada cewa samfurin ya zama na ƙage. Kada ka ɗauki jerin mutanen gaske da BVN ɗinsu ka riƙa nuna wa jama'a domin talla. Cin amana ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kan irin wannan. Sakataren da ya ga ka nuna masa bayanan wata ƙungiya zai san cewa gobe nasa za ka nuna.

Gwaji na wata guda, da kuɗi a ciki

Fanni bai tabbata ba sai wani ya ciro kuɗi. Ka ba kanka wata guda, ka kai samfurin ga mutum ashirin da suka dace da jimlarka, ka rubuta amsar kowa. Ban yarda da yin cikakken aiki kyauta domin neman suna ba, saboda ba ya koya maka komai game da kasuwa, kowa yana son na banza. Abin da ya fi shi ne ɗanɗano: ka gyara layi ashirin na farko na jerinsa a gabansa, sauran kuma da kuɗi.

Kafin ka yanka farashi, ka auna lokacinka da agogo. Aikinsa na farko jerin mutum 400 ne, ya zaci awa uku, ya ci awa bakwai, domin rabin sunayen a hoton takardar hannu aka turo su, sai da ya buga su da kansa. Sun riga sun daidaita a kan naira 10,000, bai nemi ƙari ba, amma daga ranar ya raba farashinsa biyu, na wanda ya kawo fayil da na wanda ya kawo takarda. Da ya miƙa aikin sai ya ce wa sakataren: “Baba, don Allah a rubuta mini layi biyu a WhatsApp a kan yadda aka ga aikin, kuma a ba ni izini in nuna wa wasu.” Wannan saƙo shi ne shaidarsa ta farko. Idan a Fiverr za ka sayar, ka sa a lissafinka cewa suna cire kashi 20 cikin 100, kuma kuɗin sabon mai sayarwa yana jiran kwana 14 kafin ya iya cire shi.

A ƙarshen watan, yadda aka ƙi ka shi ne zai gaya maka inda matsalar take. Idan mutane suna kallon samfurin ba su tambayi komai ba, buƙatar ce babu, sai ka koma jerinka na farko ka ɗauki na biyu. Idan suna tambayar farashi sannan su yi shiru, buƙatar tana nan amma ka je wurin marasa kuɗin biya ne, sai ka riƙe aikin ka sauya mutanen, misali daga ƙaramar ƙungiya zuwa haɗaɗɗiyar ƙungiya ta ƙaramar hukuma, ko makarantu masu zaman kansu da ke fama da jerin ɗalibai da kuɗin makaranta. Idan kuwa suna cewa “wannan ba ma buƙata, amma kana iya kaza?” kuma kazan nan ɗaya ne a bakin mutum uku, to sun nuna maka fannin da ya kamata ka koma.

Ɗan yayata ya sami ayyuka uku a cikin ashirin ɗin, kuma biyu daga cikin sakatarorin sun tambaye shi ko zai iya fitar musu da wanda ya biya bashin taki da wanda bai biya ba, kowa da ragowar da ake bin sa. Wannan ya shiga jimlarsa a wata na biyu. Sai bayan nan ya buɗe shafinsa a Upwork, ya sa samfurin nan na mutum 60 da wani sabo da ya yi daga irin fayil ɗin da KoboToolbox ke fitarwa, ya kuma taƙaita nemansa ga tallace-tallacen gyaran bayanan bincike waɗanda masu nemansu ba su kai goma ba. A kowace takardar nema yana buɗewa da kuskure ɗaya da ya hango a fayil ɗin da mai tallan ya liƙa, da yadda zai gyara shi, kafin ya ce komai a kan kansa.